Yadda shagon yayana na Tawa ya fara fitowa a Google

Yayana yana da shago a Tawa inda yake sayar da faifan sola, batura da famfunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, kuma yana da yara masu zuwa su kafa wa mutum kayan a gida ko a garka. Ni ke riƙe masa lissafi, don haka da aka ce a buɗe wa shagon dandalin intanet, aikin a kaina ya faɗo. Wani matashi a Yamai ya gina mana shi da WordPress, wata manhajar gina dandali, ya miƙo mini kalmar sirri, muka biya shi. Dandalin ya yi kyau, in ka rubuta adireshinsa yana buɗewa. Amma in ka rubuta sunan shagon a Google, babu shi babu alamarsa.

Yaya ya ce mini, «Kai, ba ka ce an gama ba?» Na ce masa, «Yaya, ginin aka gama, Google ne bai san da mu ba tukuna.»

Abu na farko shi ne a tabbatar ko Google ya adana shafukan a rumbunsa, domin abin da bai adana ba ba zai nuna wa kowa ba, ko da an rubuta sunansa daidai. Gwajin ba ya cin kuɗi. A wurin bincike ake rubuta wannan, a sa adireshin dandalin a madadin na misali:

```
site:example.com
```

In shafuka sun jero, an san da ku. Namu bai nuna ko ɗaya ba. Ga sabon dandali wannan ba abin tashin hankali ba ne a kwanakin farko, don Google da kansa yana cewa ziyarar manhajarsa mai zagaya shafuka, wato Googlebot, kan ɗauki ƴan kwanaki zuwa ƴan makonni. Sai dai namu ya wuce haka, shi ya sa na yi rajistar Search Console, wato dandalin Google da ke nuna wa mai dandali yadda Google ke ganin shafukansa. Kyauta ne, adireshin Gmail kawai ake bukata, sannan a nuna wa Google cewa dandalin naka ne. Hanyoyin biyu ne. Ko dai a shiga wurin da aka sayi sunan dandalin a ƙara wani layi da ake kira `TXT` a cikin `DNS`, ko kuma a zaɓi `Préfixe de l'URL`, Google ya ba ka ɗan guntun rubutu ka sa a kan shafin farko. Na zaɓi ta biyun don ta fi sauƙi ga wanda ba gwani ba. Shawarata ɗaya a nan: a yi rajistar da adireshin mai shago, kada a yi da na wanda ya gina dandalin. Maginin yau yana nan, gobe ya tafi karatu ko ya canza lamba.

Da na liƙa adireshin shafin farko a sashen `Inspection de l'URL` na Search Console, amsar ta fito fili: Googlebot ya zo, amma ya tarar da umarnin `noindex`, wato kada a adana shafin, ya koma. Na buɗe rubutun da ke bayan shafin, sai ga layin:

```
<meta name='robots' content='noindex, nofollow' />
```

Asalin layin wani ɗan akwati ne a cikin WordPress, ƙarƙashin `Réglages` sannan `Lecture`, mai cewa `Demander aux moteurs de recherche de ne pas indexer ce site`. Masu gini kan sa masa alama lokacin da suke aiki don kada Google ya ɗauki shafukan da ba a ƙarasa ba. Dabara ce mai kyau, amma sai an tuna an cire ranar miƙa aiki. Na cire alamar, na adana, na koma Search Console na danna `Demander une indexation`. Duk wanda aka miƙa wa sabon dandali, ya fara duba akwatin nan kafin ya kashe ko dala a kan wani abu.

Daga nan na miƙa taswirar dandalin, wato fayil ɗin da ke jera adireshin duk shafukan. Tun daga WordPress 5.5 na shekarar 2020, manhajar da kanta take haɗa shi a `/wp-sitemap.xml`, sai dai in an sa wata ƙarin manhaja da ta canza masa suna. Muddin akwatin can yana da alama, fayil ɗin ma ba ya buɗewa. Na rubuta sunansa a sashen `Sitemaps`, aka karɓa. Maimaita neman ziyara kullum ba ya sa a zo da wuri, kuma akwai iyakar adadin da ake yarda a nema a rana. Sau ɗaya ya isa ga kowane shafi, sai kuma in an sauya abin da ke cikinsa sosai.

Shafin farko ya shiga rumbun ba da daɗewa ba. Sauran suka tsaya a rahoton `Pages` ƙarƙashin bayanai iri biyu masu kama da juna, amma maganinsu ba ɗaya ba ne. `Détectée, actuellement non indexée` na nufin Google ya ji labarin shafin amma bai ziyarce shi ba tukuna. Wannan haƙuri yake so, tare da tabbatar da cewa daga shafin farko akwai mahaɗin da ke kai mutum can. Shi kuwa `Explorée, actuellement non indexée` na nufin ya zo, ya karanta, bai ga dalilin adanawa ba a yanzu. Shafinmu na famfuna a nan ya maƙale, kuma da na dube shi da idon baƙo na gane dalili. Hotuna ne guda shida da layi ɗaya na yabon kai, sai wani bayani da aka kwafo daga takardar kamfanin da ya ƙera kayan, wanda ke nan kalma da kalma a wasu dandalin da yawa. Lissafin farashin ma hoton takarda ne aka ɗauka da salula aka ɗora. Mutum zai iya karanta shi, amma ba abin dogaro ba ne a ce injin bincike zai ɗauke shi a matsayin rubutun shafi.

Kafin in sake rubuta shi sai da na tsaya a kan tambayar da ta fi kowace: wa ke neman shagon sola na Tawa a Google? Manomin albasa na Galmi ko mai garka a bakin tafkin Tabalak ba ya yin haka. Maƙwabcinsa yake tambaya wa ya kafa masa nasa, a ba shi lamba, ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp. Waɗannan tun kafin dandali suna zuwa. Masu rubutawa a Google wasu ne daban, kuma sai da Search Console ya tara bayanai na gan su da kyau. A rahoton `Performances` akwai sashen `Pays`. Bayan Nijar, ƙasar da ta biyo baya a namu ita ce Kodibuwa. Duk ɗan Adar ya san fassarar wannan. Ƴan ci-rani ne a Abijan da ke son kafa wa iyayensu wuta ko famfo a ƙauye, ba sa iya zuwa su taɓa kayan da hannu, kuma suna tsoron aika kuɗi su salwanta. Sai kuma ma'aikata a Yamai masu gida a nan, da masu saye wa ƙungiyoyi kaya waɗanda ke neman ƴan kasuwa su ba da farashi a rubuce.

Mutanen nan Hausa muke yi da su a waya, amma da Faransanci suke rubuta bincike, domin da shi sunan kayan yake a kan kwali da takardar saye. Sashen `Requêtes` ya nuna kalmominsu yadda suka buga su: `pompe solaire tahoua`, `prix panneau solaire niger`, `installation solaire tahoua`. Don haka babban rubutun shafukan da Faransanci na yi shi. Na Hausa na ware masa shafinsa da adireshinsa, ban cakuɗa harsuna biyu a sakin layi ɗaya ba, saboda Google daga rubutun da ake gani yake gane harshen shafi, kuma shi ma yana ba da shawarar kowane harshe ya samu adireshinsa. Shafin Hausar bai kawo mutane da yawa ta bincike ba, gaskiya ke nan, amma shi muke tura wa abokan ciniki ta WhatsApp, kuma ɗan ci-rani kan tura shi gida a karanta wa tsoho.

Ga yadda na gyara shafin famfunan. Kowane shafi yana da take wanda shi ne shuɗin layin da ake dannawa a sakamakon bincike. Namu a da `Produits` kawai ya ce, na shafin farko kuma `Accueil`. Babu mai neman waɗannan kalmomin. Na mai da shi haka:

```
<title>Pompe solaire à Tahoua : vente et installation | Nom du magasin</title>
```

Abin da ake sayarwa a gaba, sunan gari a tsakiya, sunan shago a ƙarshe. In taken ya wuce haruffa sittin ko kusa da haka, Google kan datse wutsiyarsa, shi ya sa abu mai muhimmanci yake zuwa farko. Wani lokacin ma yakan sake taken da kansa in ya ga bai dace da shafin ba.

Cikin shafin kuwa ban ƙirƙiro komai daga kaina ba. Na zauna a shago na rubuta tambayoyin da ake yi wa Yaya a waya, da yadda yake amsawa. In an ce masa ana son famfo, ba ya faɗin kuɗi sai ya tambayi zurfin rijiyar mita nawa ne, rijiyar hannu ce ko ta burtsatse, faɗin garkar, da ko za a tara ruwan a tanki ne ko kai tsaye zai bi fangali. Waɗannan su ke yanke girman famfo da yawan faifan da zai ja shi. Na jera su yadda yake jera su, na bayyana dalilin kowace. Na ƙara garuruwan da yaranmu ke zuwa da gaske, irin su Keita, Illela, Madawa da Konni, da yadda ake lissafin kuɗin mota, da tsawon garanti, da wanda za a kira in famfon ya tsaya. Don ƴan ci-rani na rubuta sashe guda kan yadda ake biya daga nesa: rabin kuɗi kafin aiki, hoton kayan da lambobinsu kafin a ɗora a mota, bidiyon ruwa na fita kafin a cika sauran.

Kan farashi muka ɗan ja da Yaya. Ya ce, «In ka rubuta kuɗi, maƙwabta za su gani su rage nasu.» Na ce, «Yaya, maƙwabtan ai sun riga sun sani. Wanda bai sani ba shi ne na Abijan, kuma kalmar `prix` tana cikin abin da yake rubutawa.» Muka tsaya a tsakiya: na sa «daga jika kaza zuwa jika kaza» ga kowane girma, da watan da aka sabunta lissafin, a rubuce ba a hoto ba. Bayan na sake neman ziyara, shafin ya fita daga jerin waɗanda aka karanta aka bari, ya shiga rumbun.

Wani abokina ya ba ni shawarar in buɗe shafi daban ga kowane gari, rubutu iri ɗaya, sunan garin kawai za a canza. Ban yi ba. Dokokin Google sun ambaci irin waɗannan shafukan a cikin abubuwan da yake ɗauka a matsayin yaudara, kuma ko ba don haka ba, shafuka goma masu magana ɗaya za su koma can inda na fito da na famfo. Haka nan wurin da ake cika kalmomi a ɓoye, `meta keywords`, ban ɓata lokaci a kansa ba, tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya amfani da shi wajen jera sakamako.

Hotuna sun ci mini yini guda. Hoton salula ɗaya kan kai mega uku ko huɗu, shida a shafi ɗaya sun isa su sa mai ƙaramin intanet ya gaji ya fita, ga cin kuɗin data. Na rage faɗin kowanne zuwa kusan pixel 1200, na mai da su `WebP`, wata siffar hoto marar nauyi, kowanne ya dawo ƙasa da kilo 200. Ana gwada saurin a PageSpeed Insights, a duba ɓangaren salula, domin siffar salula ta shafi ita Google ke dubawa wajen adanawa. Ma'aunin da ya sa shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Ban bi sauran jajayen lambobin da gwajin ya nuna ba. Na rage hotuna, na cire bidiyon da ke kunna kansa, na sa maɓallin WhatsApp a sama da mahaɗi mai siffar `https://wa.me/227XXXXXXXX`, na wuce.

Taswirar Google Maps aiki ne mai zaman kansa, kuma ga wanda ke cikin gari ta fi dandalin saurin amfani. In mutum ya rubuta sunan sana'a da sunan gari, sau da yawa akwatin taswira mai ɗauke da ƴan shaguna ke zuwa sama da sauran sakamako. Shiga cikinsa ta Google Business Profile ne, shi ma kyauta. Wahalarsa a wurinmu ita ce adireshi. Shagon Yaya ba shi da lambar gida da kowa ya sani, kwatance ake yi da masallaci da gidan mai. Abin da na yi shi ne na tsaya a ƙofar shagon da salula, na ja alamar taswira na ɗora ta daidai kan rufinmu ina kallon hoton tauraron ɗan'adam. Sannan na kwafi `Plus Code` na wurin, ƴan haruffa da lambobi da Google Maps ke ba kowane ɗigo a doron ƙasa, na sa shi a dandalin tare da kwatancen baki.

Hanyar tantance cewa shagon naka ne Google ke zaɓa, ba mai shago ba. Mu bidiyo aka nema, ɗauka ɗaya ba yankewa. Na fara daga titi don a ga unguwa da shagunan gefe, na juya kan allon shagon, Yaya ya buɗe ƙofa da makulli, muka shiga na nuna kaya da littafin rasit mai sunan shagon. Makullin da rasit ɗin su ne shaidar cewa mu ke gudanar da wurin, ba wucewa muke yi ba. Duba bidiyon kan ɗauki har kwanakin aiki biyar. Wanda allonsa ya goge ko sunan da ke kai ya saɓa da wanda ya rubuta, gara ya gyara allon tukuna.

A wurin suna, abin da ke kan allo kaɗai na rubuta. Za ka ga wasu sun cusa jerin kaya da sunan gari cikin sunan shagonsu, yakan ɗaga su na ɗan lokaci, amma ya saɓa doka kuma yana iya jawo a dakatar da bayanan gaba ɗaya. Sana'a a wurin zaɓen rukuni ake nuna ta. Google ya ce abubuwa uku ke jera shaguna a taswira: dacewa da abin da aka nema, nisa daga mai nema, da shaharar wurin. Nisa ba yadda za ka yi da shi. Shahara kuwa ra'ayoyin abokan ciniki na cikinta. Duk wanda aka gama wa aiki ya yaba, nakan tura masa mahaɗin rubuta ra'ayi, in ce masa, «Alhaji, in ba damuwa ka rubuta abin da ka gani, ko layi biyu ne.» Ba ma ba da ragi ko kyauta a kan haka, doka ta hana, kuma ba mu tara ƴan uwa su rubuta rana ɗaya ba. Suna, lambar waya da kwatance na daidaita su iri ɗaya a dandali, taswira da shafinmu na Facebook, na kuma sa adireshin dandalin a can da kan rasit.

Yadda za a san ana ci gaba shi ne inda mutane suka fi ruɗewa. Yaya kullum sai ya rubuta sunan shagon a salularsa ya ce mun zo na ɗaya. To ai sunanka naka ne, ba ka da abokin takara a kai, ga shi kana zaune cikin shagon, kuma sakamako yana canzawa gwargwadon inda mai nema yake. Ma'aunin gaskiya yana `Performances`. `Impressions` shi ne sau nawa aka nuna shafinka, `Clics` sau nawa aka danna, `Position moyenne` kuma matsakaicin matsayinka a jeri. A sabon dandali, nunawa ke fara motsi, dannawa na biyo baya da nisa. Wata na biyu shafin famfo yana yawo a matsayi na ashirin da wani abu, wato can inda ba mai isa, don haka rashin dannawa ba laifin take ba ne. Sai da ya matso cikin goman farko a kan `pompe solaire tahoua` sannan gyaran take da ɗan bayanin da ke ƙarƙashinsa ya zama abin dubawa. In ana nuna ka a sama ba a dannawa, take za a gyara. In kana ƙasa, cikin shafin ne ke bukatar aiki. Lambobin kan makara da kwana biyu ko makamancin haka, kuma Google yana ɓoye kalmomin da mutane ƙalilan suka nema don kare sirrinsu, shi ya sa jimillar sama ba ta daidaita da jerin ƙasa. A gari kamar Tawa adadin ƙanana ne ƙwarai, dannawa uku yau sifili gobe ba labari ba ne. Wata da wata nake kwatantawa.

Da lambar shagon ta bayyana a intanet, saƙonni suka fara shigowa daga masu alkawarin kai mu matsayi na ɗaya cikin mako guda, wasu na tallar ɗaruruwan mahaɗai da za su nuno dandalinmu. Babu mai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya, Google ya faɗi haka a fili, kuma sayen mahaɗai don hawa sama yana cikin abin da yake hukuntawa. Kiyasin da ya taɓa bayarwa ga masu ɗaukar ƙwararru shi ne wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfanin aikin. Biyan talla ma ba ya ɗaga matsayin shafi a sakamakon da ba na talla ba, ranar da kuɗin ya ƙare tallar ke ɓacewa.

A wata na huɗu muna fitowa a duk binciken da ya haɗa sola da Tawa, a taswira da kuma jerin shafuka. A `prix panneau solaire niger` kuwa har yanzu muna can baya, manyan shagunan Yamai da suka daɗe a intanet sun tsare gaba, kuma ban ga dalilin kokawa da su a kan ƙasa baki ɗaya ba alhali yaranmu ba sa wuce jihar Tawa. Na ajiye littafi kusa da waya, duk baƙon da ya kira sai a tambaye shi inda ya samu lambar, domin wanda ya ga lamba a taswira ya kwafe ta da hannu, Search Console ba zai ƙidaya shi ba. Shafi na gaba da nake rubutawa na batura ne, saboda `batterie solaire tahoua` ya fara bayyana a `Requêtes`, kuma shafin farko ake nuna wa masu nemansa, wanda bai faɗi girman batir ko farashinsa ba.